Ƙarfe Ma Yana Buɗewa: Lissafin Zafin Shaf Kafin a Sa Masa Boris

A garejin bakanike, ko wurin masu gyaran injin niƙa da famfon ban-ruwa, ba wuya a tarar da yaron shago yana fama da boris a kan shaf. Ya buga da guduma, boris ya shiga rabi ya tsaya, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Wata rana kuma akasin haka ake gani: an sassaƙa shaf, an auna an ga daidai, amma bayan 'yan makonni boris yana ta sulɓi a kansa. Mai inji sai ya ɗora laifin a kan boris, ya ce jabu aka sayar masa, ko ya ce tana bai iya aiki ba. Sau da yawa laifin yana wani wuri dabam. Ba a yi la'akari da zafin ƙarfen ba a lokacin awo ko a lokacin haɗawa.

Ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗauki zafi, yana tsukewa idan ya huce. Ido ba ya ganin wannan buɗewa, amma ta kai girman ratar da ake bari tsakanin shaf da ramin da zai shiga, wani lokaci ma ta fi ta. Kuma ana iya lissafa ta da kalkuletar waya cikin minti ɗaya.

Lissafin kansa

Abubuwa uku ne ke nuna yawan buɗewar da ƙarfe zai yi. Na farko, girman abin tun asali, ko tsawo ne ko kauri. Na biyu, yawan digirin da zafinsa ya ƙaru, ba zafin da ya kai ba. Na uku, wata lamba da ke nuna ɗabi'ar irin ƙarfen, wadda a littattafan injiniya ake rubuta ta da harafin α. Idan aka ninka ukun nan, an sami amsa:

```
ΔL = α × L × ΔT
```

A nan L shi ne girman asali, ΔT ƙarin zafi a ma'aunin digirin Salshiyas, ΔL kuma ƙarin girman da aka samu. Ga baƙin ƙarfen da aka saba yin shaf da shi, lambar tana tsakanin 0.000011 da 0.000012 a kowane digiri, kuma masu aiki sukan ɗauki 0.000012. Ma'anarta ita ce, duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, ƙarfen yana ƙara kashi 12 cikin miliyan na girmansa. Domin sauƙin riƙewa: sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, za ta ƙara milimita 1.2.

Mu ɗauki shaf mai kaurin milimita 50, wanda tsakanin boris ɗinsa biyu akwai milimita 800. Irin wannan ana samunsa a injinan niƙa da na casar shinkafa da manyan fankokin masana'antu. Da shi za mu yi tafiya har ƙarshen wannan bayani. A ce da safe zafinsa digiri 30 ne, bayan ya yi aiki ya kai 80. Ƙarin zafi digiri 50 ke nan.

```
tsawo: 0.000012 × 800 × 50 = 0.48 mm
kauri: 0.000012 × 50 × 50 = 0.030 mm
```

Tsawo ya ƙaru da kusan rabin milimita, kauri kuma da 0.030 na milimita. Masu wannan aiki ba sa son yawan sifili, sai su raba milimita gida dubu, su kira kowane gida maikuron. Don haka kaurin ya ƙaru da maikuron 30. Silin gashin kan mutum yakan kai wajen maikuron 70, ka ga ƙarin bai kai rabin silin gashi ba. Abu ɗaya mai karatu zai riƙe daga nan: shaf mai kaurin milimita 50 yana ƙara maikuron 0.6 a kan kowane digiri ɗaya. Digiri 10, maikuron 6. Digiri 30, maikuron 18.

Me ya sa maikuron 18 ya zama abin magana?

Amsar tana cikin yadda ake ƙera shaf da boris. Boris yana da zobe biyu, na ciki da na waje, da ƙwallaye a tsakaninsu. Idan shaf ne ke juyawa, dole zoben ciki ya kama shi kam, su juya tare, a bar wa ƙwallaye aikin mirginawa. Don a sami wannan riƙo, da gangan ake yin shaf ya ɗan fi ramin boris kauri.

Boris mai lamba 6210 raminsa milimita 50 ne, faɗinsa na waje 90. Masana'anta suna yin ramin tsakanin 49.988 da 50.000, ba ya wuce 50. Shi kuwa shaf, a zanen injiniya akan rubuta wa mazaunin boris alama irin k6, wadda a wannan kauri take nufin kada ya gaza 50.002, kada ya wuce 50.018. Duka filin da aka ba tana ya yi aiki a ciki maikuron 16 ne. Zafin digiri 30 kaɗai ya isa ya ɗauke shaf daga wannan gefen filin ya fitar da shi ta wancan gefen.

Waɗannan lambobi duk an tsara su ne a kan zafin digiri 20. Tun 1931 aka amince a duniya cewa a wannan zafi ake bayyana girman kayan inji, kuma har yau haka yake a ƙa'idar ISO 1. Mai aiki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai ce, to ni ina zan sami digiri 20 a watan Afrilu? Ba sai ya samu ba. Maikuromitar da yake awo da ita ma ta ƙarfe ce. Idan ita da shaf ɗin sun kwana a ɗaki ɗaya, zafinsu ɗaya ne, buɗewarsu kusan ɗaya ce, don haka abin da ta nuna a digiri 35 bai da wani bambanci da abin da za ta nuna a digiri 20. Matsala tana zuwa ne idan ɗaya ya fi ɗaya zafi.

Shaf ɗin da aka auna da zafinsa

Sassaƙar ƙarfe tana haifar da zafi. Tana ya gama cin ƙarshe, shaf yana digiri 60, shago da maikuromita suna 30. Ya ɗora ma'auni ya ga 50.012, ya ce madalla, yana tsakiyar fili. Ya sauke ya miƙa wa mai shi. Kafin a kai gida ƙarfen ya huce da digiri 30, ya tsuke da maikuron 18, ya koma 49.994. Idan boris ɗin da aka sayo raminsa 49.997 ne, to maimakon matsi, rata aka samu. Da hannu ma za a iya zura shi, har mai inji ya yi murna cewa aiki ya zo da sauƙi.

Sauƙin nan ba alheri ba ne. Da inji ya fara aiki, zoben ciki zai riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan a kan shaf, yana gogarsa. Idan aka kwance bayan wani lokaci, za a ga mazaunin ya yi santsi yana ƙyalli, ko kuma a ga wani gari ja-ja mai kama da tsatsa a tsakanin zobe da shaf, alhali ruwa bai taɓa wurin ba. Ƙananan ɓarɓashin ƙarfe ne da gogayya ta kankare, iska ta mai da su tsatsa. Daga nan rata tana ƙaruwa, inji ya fara girgiza da ƙara, a ƙarshe a koma wurin mai walda a cike shaf a sake sassaƙa.

Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a maƙera haka ne. Amma awo sai ƙarfe ya huce. Tana da ya san aikinsa yakan bar ɗan nama a jikin shaf, ya dakata har zafin ya sauka, ya auna, sannan ya yi cin ƙarshe mai sauƙi wanda ba zai sake dumama shi ba. Yakan kuma kama maikuromita ta wurin robar da aka sa mata, domin zafin tafin hannu ma yana buɗe ta idan ta daɗe a riƙe.

Wane za a dumama, kuma zuwa digiri nawa?

To, a ce an yi aiki daidai. Shaf ya huce an auna 50.015, ramin boris 49.995. Shaf ya fi rami da maikuron 20. Wannan shi ne matsin da ake so. Saura yadda za a shigar da babba cikin ƙarami ba tare da an ɓata ɗayansu ba.

Akwai mutane da yawa da ke zaton idan aka dumama zobe, ƙarfen zai kumbura ta ciki, rami ya ƙara tsukewa. Ba haka ba ne. Zafi yana ƙara tsawon da'irar zoben gaba ɗaya, kuma idan da'ira ta ƙara tsawo, dole ramin da ta kewaye ya ƙara faɗi. Rami yana buɗewa daidai da yadda dunƙulen ƙarfe mai girmansa zai buɗe. Saboda haka lissafin ramin milimita 50 ɗaya ne da na shaf mai milimita 50: maikuron 0.6 a kowane digiri. Abin da ke da rami shi ake dumamawa, shaf kuma a bar shi da sanyinsa.

Ba ya isa a buɗe rami da maikuron 20 kawai, domin a lokacin ya zo daidai da shaf ke nan, ba zai zame ba. Ana buƙatar ƙarin sarari, a ce maikuron 25, wanda zai ba shi damar sulalewa, ya kuma rufe asarar zafin da za a yi tsakanin ɗauko shi da ɗora shi. Jimla maikuron 45, wato 0.045 na milimita. Sai a juya lissafin a nemi zafi:

```
ΔT = ΔL ÷ (α × L)
ΔT = 0.045 ÷ (0.000012 × 50) = 75
```

Ana son boris ya fi shaf zafi da digiri 75. Idan shago yana digiri 35, shaf ma haka, sai a kai boris digiri 110. Wannan ya zo daidai da abin da manyan kamfanonin boris irin su SKF suke ba da shawara: a dumama zuwa wajen digiri 110, kada a wuce 125. Dalilin iyakar shi ne, an gasa ƙarfen boris an taurara shi ta hanya ta musamman, kuma zafi mai yawa yana canza shi, ya rage masa tauri, ya kuma iya sauya girmansa har abada. Boris mai murfin roba wanda ya zo da giris a ciki ya fi wannan rauni. Shi kada ya wuce digiri 80, domin roba da giris ɗin za su lalace.

Yanzu a duba abin da zai faru idan aka manta da shaf. An bar shi a waje a kan benci, rana ta bazara ta dake shi har ya kai digiri 60, ko kuma an yi masa walda a ɗaya gefen, zafi ya biyo jikinsa. Ya fi yadda aka lissafa da digiri 25, ya ƙara maikuron 15. Sararin da aka tanada na maikuron 25 ya koma 10. Zoben boris siriri ne, shaf kuma dunƙule ne mai nauyi, don haka da sun taɓa juna shaf yake zuƙe zafin zoben. Raguwar digiri 17 ta isa ta cinye maikuron 10 ɗin da suka rage, kuma wannan aikin 'yan daƙiƙu ne. Boris ya kama a rabin hanya. Idan aka ce a ƙara wa boris zafi don a rama, sai an kai shi digiri 135, an ƙetare iyaka ke nan. Maganin mai sauƙi ne: a shigo da shaf inuwa, a jira ya huce.

Wannan shi ne jigon zancen duka. Ba zafin boris ne ke ba da sarari ba, bambancin zafi tsakaninsa da shaf ne. Mai auna zafin ɗaya ya bar ɗaya, rabin lissafi ya yi.

A bakin aiki

Manyan masana'antu suna da na'urar lantarki da ke dumama boris ta hanyar maganaɗisu, mai ma'aunin zafi da ake mannawa a zoben ciki. Inda babu ita, mai mai tsabta a cikin tukunya yana yin aikin. Sai a rataye boris da waya, ko a ɗora shi a kan raga a cikin man, domin gindin tukunya ya fi man zafi nesa, kuma idan boris ya zauna a kansa gefe ɗaya zai ƙone. A sa ma'aunin zafi a cikin man, a kuma ba boris lokaci zafi ya ratsa shi. Mai yana kama wuta, don haka ba a barin tukunya babu mai tsaro, ba a kuma bari ruwa ya ɗiga a ciki.

Abin da bai kamata ba shi ne a haska wa boris wutar walda kai tsaye. Harshen wutar ya haura digiri dubu, yana gasa wuri ɗaya ya bar sauran, zobe ya karkace, taurinsa ya tafi a inda wutar ta taɓa. Ƙarfen da kansa yana ba da shaida. Idan farin zobe ya sauya launi zuwa ruwan karan dawa, ya haura digiri 200. Idan ya yi shuɗi, yana wajen 300. Boris ɗin da ya nuna waɗannan launuka ya riga ya lalace, ko da ya shiga lafiya yana juyawa ba ƙara. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake haskawa daga nesa, shi ma yana yaudara a kan ƙarfe mai ƙyalli, yakan nuna ƙasa da gaskiya. Wanda ake mannawa a jikin ƙarfe ya fi aminci.

Kafin a ɗauko boris daga zafi, komai ya kasance a shirye. An goge mazaunin, an kankare duk wani ƙaiƙayin ƙarfe a bakin shaf, an shafa mai kaɗan, an san fuskar da za ta fara shiga. Duk abin da ya kamata ya riga boris shiga, kamar murfi ko zoben tsare mai, an riga an zura shi. Da safar hannu mai kauri ake ɗauka, a miƙe, a tura shi tafiya ɗaya har ya dangane da kafaɗar shaf. A nan ne ake jin oga yana cewa, "Kai yaro, danne shi, kar ka saki tukuna." Yana da dalili. Zobe yana tsukewa ta faɗinsa ma, ba ta rami kaɗai ba, kuma idan aka sake shi da wuri zai iya janyewa daga kafaɗa ya bar 'yar rata a baya. Sai a riƙe shi har ya kama.

Idan ya tsaya a hanya, ba a bin sa da guduma ta kan zoben waje. Duk bugun da aka yi a can ta cikin ƙwallaye yake bi, su lotsa hanyar da suke mirginawa a kai, daga ranar boris ya fara gurnani. Gara a ciro shi nan take da abin ciro boris, a duba dalili, a sake.

Akwai kuma hanyar sanyaya shaf maimakon dumama rami, domin lissafin yana aiki gaba da baya. Ƙaramin shaf da ya kwana a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, a shagon da ke digiri 35, ya sauka da digiri 53, ya tsuke da wajen maikuron 30. Wannan yana da amfani ga boris mai murfin roba da ba a son ya sha zafi sosai: a sanyaya shaf, a ɗan dumama boris, a haɗa ribar biyu. Sai dai ƙarfe mai sanyi yana tara raɓa da zarar ya fito, dole a goge a shafa mai, in ba haka ba an rufe ruwa a ƙarƙashin zobe.

Giya da fuli da ake son su riƙe shaf da matsi kaɗai suna buƙatar fiye da haka. A kaurin milimita 50, haɗin da ake rubutawa H7/s6 matsinsa na iya kai maikuron 59. Idan aka ƙara sararin zamewa na 40, an kusa 100, kuma wannan yana son bambancin digiri 165, wato a kai giyar wajen digiri 200. Giyar da ba a taurara ba za ta jure. Wadda aka taurara haƙoranta kuwa sai an nemi iyakar da maƙerinta ya sa. Lissafin ɗaya ne, iyakar ce ta bambanta.

Bayan an haɗa, zafi bai gama aikinsa ba

Matsin maikuron 20 da aka samu ba ɓacewa yake yi ba. Shaf yana tura zoben ciki waje, zoben ya buɗe da wajen kashi huɗu cikin biyar na matsin, kimanin maikuron 16. Wannan buɗewa daga ratar ƙwallaye ake cire ta. Boris 6210 na yau da kullum yana zuwa da ratar ciki tsakanin maikuron 6 da 23. A cire 16, an kusa cinye ta. Sannan idan inji yana aiki, shaf da zoben ciki sukan fi zoben waje zafi, domin gidan boris yana shan iska. Bambancin digiri 10 kaɗai yana ƙara cin maikuron 8 zuwa 10. Idan rata ta ƙare, ƙwallaye suna matsewa, matsi ya kawo zafi, zafi ya ƙara matsi, har giris ya narke ya tsiyaye boris ya ƙone.

Saboda haka ne ake yin boris mai alamar C3 a bayan lambarsa. Shi 6210 C3 ratar cikinsa tsakanin maikuron 18 da 36 ce. Wanda ya jijjiga shi a kasuwa zai ji yana ɗan wasa, har ya ɗauka ya ci ne. An bar wasan ne da gangan don matsi da zafi su cinye. Idan tsohon boris da aka ciro yana ɗauke da C3, sabon ma ya kasance da ita.

Sai batun tsawo, wato milimita 0.48 da muka lissafa tun farko. Shaf ya yi zafi yana son ya miƙe, gangar injin kuma ba ta kai shi zafi ba. Idan an ɗaure boris biyun tamau, gaba da baya, ba shi da inda za shi. Da a ce gangar ba ta motsi ko kaɗan, ƙarfin da shaf mai kaurin milimita 50 zai tura da shi a ƙarin digiri 50 ya kai nauyin wajen tan 24. A zahiri ganga tana ɗan ba da kai, ita ma tana ɗan buɗewa, amma ko kaso kaɗan na wannan ƙarfi ya fi abin da aka yi boris ɗin ya ɗauka ta gefe. Alamar ita ce injin da ke juyawa lafiya da sanyin safiya, amma bayan rabin awa ya fara nauyi da zafi. Idan aka fasa boris, za a ga sawun ƙwallaye ya koma gefe ɗaya na hanyarsu maimakon tsakiya.

Shi ya sa ake ɗaure boris ɗaya kaɗai, shi ne mai tsayar da shaf a wurinsa. Na biyun ana barin zobensa na waje ya iya zamewa a cikin gidansa, da sarari a bayansa wanda ya fi ƙarin tsawon da aka lissafa. Bakaniken da ya ga wannan sarari ya zaci kuskure ne, ya cusa wasa ya toshe shi, ya jawo wa mai inji asara da hannunsa.

Idan ƙarfen ba iri ɗaya ba ne

Duk abin da ya gabata ya tsaya ne a kan cewa shaf da zobe ɗabi'arsu ɗaya. Idan suka yi zafi tare, sun buɗe tare, matsi bai canza ba. Da zarar ƙarfe ya bambanta, labari ya sauya. Alminiyam lambarsa wajen 0.000023 ce, kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ƙarfen nan mara tsatsa da aka fi sani, irin mai lamba 304, tasa wajen 0.000017 ce. A irin wannan hali bambancin lambobin biyu ake sa wa a lissafi.

A ce boris ɗinmu mai faɗin milimita 90 yana zaune a gidan alminiyam, kamar yadda ake gani a janareto da ƙananan famfuna, zafi kuma ya ƙaru da digiri 50:

```
(0.000023 − 0.000012) × 90 × 50 = 0.0495 mm
```

Gidan ya buɗe fiye da boris da kusan maikuron 50. Riƙon da aka yi da sanyi ya saki, zoben waje ya fara juyawa yana cin gidan. Wannan ɗabi'a ce kuma ke taimakon mai gyara: idan aka dumama murfin alminiyam gaba ɗaya, boris yakan faɗo da kansa ko da ɗan taɓawa. A ɗaya ɓangaren, shaf mara tsatsa mai milimita 50 a cikin zoben boris yana ƙara matsi da wajen maikuron 12 a wannan ƙarin zafi, kuma daga ratar ƙwallaye za a biya shi.

Haka nan wurin cire fuli ko giya da ta kafe a kan shaf. Ana dumama cibiyar fulin da sauri, a kewaye ta da wuta ko'ina daidai, abin ciro yana ɗaure yana ja. Idan aka yi sanyin jiki, zafi zai ratsa ya isa shaf, su buɗe tare, a koma gidan jiya da ƙarfe mai ƙuna a hannu. Idan hakan ta faru, sai a bari duka su huce a sake daga farko.

Mai inji da zai kai aiki ba sai ya zama injiniya ba kafin ya kare kuɗinsa. Ya isa ya nemi a auna masa shaf a gabansa bayan ya huce, ya tambayi digiri nawa za a kai boris da kuma abin da za a auna zafin da shi, ya tabbata lambar sabon boris ta yi daidai da ta tsohon har harafin ƙarshe. Shi kuma mai gyara, kafin ya kunna wuta, ya rubuta lambobi uku a takarda: kaurin shaf, faɗin rami, da zafin kowannensu a lokacin. Daga waɗannan ne zai fitar da digirin da yake buƙata, kuma idan amsar ta haura 125 ga boris, ya san ba ƙarin wuta ake nema ba, shaf ne ke buƙatar sanyi ko gyaran awo.